Yadda ake taƙaita kundin neman kwangila kafin a kashe ko kwabo

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani mai rajista, muna aikin kafinta da walda, ma'aikatana tara. Wata kwalejin gwamnatin tarayya ta yi tallar neman masu kawo kujeru da teburan ɗalibai, na biya kuɗin fom na karɓo kundi mai shafi 86, kuma saura kwana 24 a rufe. Bara na nemi irin wannan aiki a wani wuri, aka fitar da ni tun kafin a buɗe farashina, har yau ban san dalili ba. Ɗan yayana ya taƙaita mini wannan kundin a shafi guda, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na haɗo kundin da taƙaitawar tasa da kwafin takardun kamfanina. Ta yaya zan fitar da abin da ake buƙata ba tare da wani abu ya kuɓuce mini ba?

Mai shagon kafinta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta kundin daga farko har ƙarshe, na kuma karanta shafin da ɗanka ya rubuta, kuma kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Yaron ya yi ƙoƙari, ya faɗi abin da kwalejin take son saye da ranar rufewa da jerin wasu takardu, sai dai babu layi ɗaya a cikin rubutunsa da ya nuna shafin da ya samo maganar, kuma ya haɗa abin da rashinsa zai sa a fitar da kai nan take da abin da rashinsa zai rage maka maki kawai, ya jera su kamar nauyinsu ɗaya. Taƙaitawar da za ta yi maka amfani ita ce wadda kowane layi nata yake ɗauke da abu huɗu: sharaɗin kamar yadda aka rubuta shi, lambar shafi da sakin layin da yake, takardar da za ta zama shaidar ka cika shi, sannan halin da kake ciki yau, wato kana da ita a hannu, ko ana kan nema, ko babu. Ka sayi littafin rubutu mai dogayen shafuka ka ja waɗannan layuka huɗu da rula. Idan wata rana gardama ta tashi tsakaninka da akantanka a kan wani sharaɗi, lambar shafin ce za ta raba ku cikin minti ɗaya.

Kada ka fara karatun daga shafi na ɗaya. Irin wannan kundi an gina shi a kan samfurin da Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, wato BPP, ta tsara wa ma'aikatu da hukumomin tarayya a ƙarƙashin dokar sayayya ta 2007, kuma kusan rabinsa umarni ne na gama-gari da ake maimaitawa a kowace kwangila. Abin da ya keɓanta da aikinka yana cikin sashen umarni na musamman, wanda a kundinka ya fara daga shafi na 24, kuma kundin da kansa ya faɗa cewa duk inda aka sami saɓani, na musamman ne ke rinjaye. Ga misali daga cikinsa. A shafi na 11 an yi dogon bayani a kan garantin banki da mai nema zai haɗa da tayinsa, ɗanka kuma ya kwafe shi a matsayin dole, har ya lissafa maka kashi biyu cikin ɗari. Gaskiya ne doka ta ce wannan garanti kada ya wuce kashi biyu cikin ɗari na farashin tayi, amma a shafi na 26 an rubuta cewa ba a buƙatarsa a rukunin da kake nema, domin ƙaramar kwangila ce. Da ka bi shafin ɗanka, da ka shafe mako guda kana zarya a banki, a riƙe maka kuɗi, a kan abin da ba wanda ya tambaye ka. Saboda haka ka fara da tallar jarida, ka wuce umarni na musamman, sai sashen tantancewa, sai jadawalin kaya da fasalinsu, sai fom-fom ɗin da za a cike, umarnin gama-gari ya zo a ƙarshe. Tunda suna bayar da kundin a kwamfuta ma, ɗanka ya buɗe shi ya nemi kalmomin shall da must da mandatory da rejected ɗaya bayan ɗaya, duk inda suka fito a duba ko maganar ta shiga littafinka.

Shafin farko na littafin na sharuɗɗan cancanta ne, kuma shi za ka gama kafin ka taɓa komai, domin shi zai gaya maka ko za ka ci gaba ko za ka haƙura da kuɗin fom ɗinka. A wannan mataki kwamitin tantancewa ba ya ba da maki. Suna da takarda mai jerin sunayen kamfanoni a gefe da jerin sharuɗɗa a sama, suna sa alamar akwai ko babu, kuma alamar babu guda ɗaya tak ta isa a ajiye ambulan ɗin farashinka a rufe. Ina kyautata zaton abin da ya same ka bara ke nan.

Bari mu bi naka. Rajistar CAC tana nan, da takardar da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, kuma na duba manufofin kamfanin na ga akwai ƙera kayan ɗaki da samar da kaya, wanda yake da muhimmanci, domin wani kwamitin yakan duba ko aikin da ake nema yana cikin abin da aka yi wa kamfani rajista a kansa. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku tana nan, kuma da sunan kamfani take, ba da sunanka ba. Na ambaci wannan ne saboda masu rajistar sunan kasuwanci kawai sukan karɓi tasu daga hukumar harajin jiha da sunan mai shago, kamfani mai cikakkiyar rajista kuwa daga hukumar tarayya yake karɓa, kuma mutane da yawa suna saka wadda ba ita ba. Irin waɗannan takardu na shekara-shekara galibi suna ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba, don haka kowacce ka ɗauko ka fara duba ranar ƙarewarta kafin ka duba komai.

Sharaɗin cinikin shekara shi ne inda mutane suka fi ruɗewa. Kundin ya ce matsakaicin ciniki na shekara uku kada ya gaza naira miliyan 20, kamar yadda yake a takardar haraji. Naka miliyan 14 ne, da miliyan 19, da miliyan 30. Jimillarsu miliyan 63, a raba uku ya ba da miliyan 21, ka tsallake ke nan da ratar miliyan ɗaya. Da an rubuta cewa ana son miliyan 20 a kowace shekara, da ka faɗi a shekaru biyu, kuma bambancin kalma ɗaya ce, shi ya sa nake cewa a kwafi sharaɗi yadda yake, kada a faɗe shi da ka. Amma akwai wani abu da na hango. A rahoton odita da ka haɗo, cinikin shekarar ƙarshe miliyan 34 ne, a takardar haraji kuwa miliyan 30. Kwamiti yana ajiye takardun biyu gefe da gefe, kuma saɓani irin wannan yana sa a yi shakkar ɗaya daga cikinsu. Ka zauna da akantanka a wannan makon ya gano daga ina bambancin ya fito, idan gyara ne a yi shi ta hanyar da ta dace tun kafin ranar rufewa.

Sauran takardun biyan ƙa'ida ba duka ne suka hau kanka ba, kuma wannan ma sai an karanta da natsuwa. An rubuta cewa takardar PenCom ta fansho ta shafi kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, kai kuwa tara gare ka. Ta ITF, wato asusun horar da ma'aikata, kundin ya ce ta shafi mai ma'aikata biyar zuwa sama ko mai cinikin miliyan 50 zuwa sama, saboda haka ta hau kanka ta fuskar ma'aikata ko da cinikinka bai kai ba, kuma wadda ka haɗo ta bara ce, ta riga ta ƙare. Ta NSITF, ta diyyar ma'aikata, ban gan ta ba ko kaɗan a cikin abin da ka aiko. Shaidar rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP ita ma tana buƙatar sabuntawa, kuma a lura cewa wajen sabunta ta ana shigar da bayanan waɗancan takardu, don haka ita ce ta ƙarshe a jerin, ba za ka fara da ita ba. Wurin da sharaɗi bai hau kanka ba, kamar na fansho, kada ka bar gurbin wayam. Ka sa 'yar gajeriyar wasiƙa a takardar kamfani mai cewa ma'aikatanka tara ne, ka ambaci sakin layin da ya keɓe ka, kuma ka tabbata adadin ya yi daidai da jerin ma'aikatan da ka saka a bayanin kamfani. Wanda ya ce ma'aikatansa tara ne a wani shafi, sannan ya jera sunaye ashirin a wani shafin don ya burge kwamiti, da hannunsa ya ɗora wa kansa sharaɗin da bai cika ba.

Inda na fi damuwa shi ne shaidar ayyukan baya. Tallar ta nemi aiki uku makamantan wannan cikin shekara biyar da suka wuce, kowanne da takardar ba da aiki da takardar shaidar kammalawa. Kana da biyu cikakku. Na ukun, wanda ka yi wa wata makaranta mai zaman kanta, rasit kawai na gani da hotuna. Ka koma wurinsu su rubuta maka takardar shaida a takardar makarantar, mai ɗauke da adadin kujerun da kuɗin da lokacin da aka kai kayan, da lambar wayar da za a kira a tabbatar, kuma ranar da za a sa a kan takardar ta zama ranar da aka rubuta ta a zahiri. Za ka sami masu ba ka shawarar a haɗa maka takardar ba da aiki ta wata hukuma a shagon kwamfuta. Ka sani cewa dokar 2007 ta tanadi hana kamfanin da aka samu da laifi a ƙarƙashinta shiga kwangilar gwamnati na tsawon abin da bai gaza shekara biyar ba, da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin, ban da abin da zai iya hawa kan daraktoci su kansu, kuma hukumomi suna rubuta wa wanda aka ce ya ba da aikin su tambaya.

A nan ne kuma na sami wani saɓani a cikin kundin kansa. Talla ta sa aiki uku a jerin sharuɗɗan dole, amma jadawalin maki a shafi na 31 ya ce kowane aiki yana da maki goma har zuwa talatin, wanda ke nuna kamar mai aiki biyu zai sami ashirin ya wuce. Ba aikinka ba ne ka zaɓi fassarar da ta fi maka daɗi. Ka ware shafi guda a littafin don tambayoyi, ka rubuta wa sashen sayayya na kwalejin wasiƙa ka nemi ƙarin bayani, ka ambaci shafukan biyu, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Amsar da wani jami'i ya ba ka ta waya ko a bakin ƙofa ba ta ɗaure kwamiti. Kafin amsa ta zo, ka ɗauki fassarar da ta fi tsanani ka yi aiki da ita.

Wannan ya kawo mu ga wa'adi, kuma kuskuren shafin ɗanka a nan shi ne ya rubuta rana ɗaya tak. Kundin yana da ranaku da yawa, kuma wasunsu sun fi ranar rufewa gaggawa. Ƙofar tambaya tana rufewa kwana 14 kafin ranar rufe tayi, ma'ana daga ranar da ka rubuto kwana goma ne kawai suka rage maka ka aika waccan wasiƙa. Akwai ranar da za a nuna samfurin kujerar a harabar kwalejin, kuma ko da yake ba a ce halarta dole ba ce, ka je da ma'auninka, domin zanen da ke shafi na 58 bai nuna kaurin bututun ƙarfen a fili ba, kuma farashinka gaba ɗaya ya dogara a kansa. Rufewa ƙarfe 12 na rana ne, a jefa a akwatin da ke ofishin da aka ambata, a sa hannu a rajistar masu kawowa, kuma tayin da ya makara ana mayar wa mai shi ba tare da an buɗe ba, ko da minti biyar ne. Ana buɗe ambulan na fasaha, wato mai ɗauke da takardunka ban da farashi, nan take bayan rufewa a gaban masu nema, don haka ka tsaya ko ka tura wakili ya rubuta sunayen da aka kira.

Bayan ka rubuta ranakun kwalejin, sai ka ƙirƙiri naka ta hanyar ƙirgawa baya daga ranar rufewa. Ni a ganina ka ɗauki kwana biyu kafin rufewa a matsayin ranar da za ka kai, kwana biyu kafin wannan na ɗauri da duba shafi-shafi, abin da ya rage shi ne lokacin neman takardu. Wanda ya fi ɗaukar lokaci shi za a fara, kuma a wurinka ITF da NSITF ne, domin sai an lissafa abin da ake binka a kan albashin ma'aikata, ka biya, a tabbatar da biyan, kafin satifiket ya fito, kuma saurin wannan ba a hannunka yake ba. Gobe da safe ka fara da su. Wasiƙar banki, wadda aka ce ta nuna bankin a shirye yake ya ba ka rance don wannan aiki idan buƙata ta taso, ita ma takan bi ta hannun manaja da wani lokaci babban ofishi, kuma wasiƙar da ta ce kawai kai abokin hulɗarsu ne ba ta cika sharaɗin ba. Rantsuwar kotu kuwa aikin yini ɗaya ne, amma a kwafi kalmomin tallar daidai, musamman bayanin ko wani jami'in kwalejin ko na BPP darakta ne ko mai hannun jari a kamfaninka, a da ko a yanzu, kuma a yi ta sabuwa da sunan wannan aikin. Ka riƙa leƙa allon sanarwar kwalejin da adireshin imel ɗin da ka ba su, domin idan suka fitar da gyara ga kundin yana iya sauya rana ko fasalin kaya, kuma gyaran ya zama ɓangaren kundin.

Akwai ranaku biyu da suke zuwa bayan rufewa waɗanda dole su shiga wannan shafi, domin su ne za su taɓa aljihunka. An ce farashinka ya tsaya daram har kwana 90, kuma a kai kaya cikin mako shida bayan sa hannu, da tarar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane makon jinkiri. Kai ka fi ni sanin yadda kuɗin bututu da katako da fenti suke motsi cikin wata uku, don haka ka tambayi masu sayar maka ko za su riƙe maka farashi, idan ba za su riƙe ba ka sa wannan a lissafinka. Kujeru 400 cikin kwanakin aiki 36 yana nufin kusan goma sha ɗaya a kowace rana, ban da lokacin bushewar fenti da jigila. Ka tambayi kanka ko mutum tara za su iya. Kundin bai yi alkawarin kuɗin kafin alƙalami ba, ya ce ana iya bayarwa ne idan an kawo garantin banki ko na inshora, saboda haka ka yi lissafi kamar da kuɗinka za ka yi aikin har a biya ka.

Shafin takardun da za a haɗa bai kamata ya ba ka wahala ba idan na cancanta ya kammala, sai dai a ƙara masa fom-fom ɗin da ke ƙarshen kundin da ƙa'idojin shiryawa. Ka jera takardun bisa tsarin da talla ta jera su, ka sa lambar shafi da jerin abin da ke ciki a gaba, domin mai tantance kamfanoni arba'in ba zai yi ta laluben takardar da ka ɓoye a tsakiya ba. An nemi asali ɗaya da kwafi biyu, na fasaha a ambulan ɗinsa, na farashi a nasa, a zuba su biyun a babban ambulan mai ɗauke da sunan aikin da lambar rukuni, sunan kamfani kuma a baya. Kada adadin kuɗi ya fito ko'ina a ambulan na fasaha, ko da a wasiƙar gabatarwa ne. Fom ɗin tayi da ba a sa wa hannu ba yana kashe tayi gaba ɗaya, kuma wanda ya sa hannun ya zama darakta ko wanda aka ba izini a rubuce. Wasiƙar gabatarwa ta kasance a takardar kamfani mai lambar rajista da adireshi da sunayen daraktoci da ƙasarsu a ƙasa, kamar yadda talla ta faɗa, taka kuwa babu sunayen daraktoci, sai a sake buga ta. Kada ka manta da kwafin rasit ɗin Remita na kuɗin fom.

Saura ma'aunin maki, wanda ɗanka bai ambata ba ko kaɗan. Jadawalin ya raba maki ɗari kamar haka: ayyukan baya 30, kayan aiki 20, ma'aikata 15, tsarin aiki da lokacin kai kaya 15, ƙarfin kuɗi 10, garanti da gyara bayan sayarwa 10, kuma makin wucewa 70 ne. Ka kwafe shi ka ƙara layi biyu, ɗaya na shaidar da aka ce a kawo, ɗaya na makin da kake ganin za ka samu idan mai rowa ne ya duba ka. Da na yi maka wannan da takardun da ke hannuna, ayyuka biyu sun ba ka 20. Kayan aiki na ba ka 10, domin ka jera injin walda da na yankan katako da na feshin fenti amma rasit ɗin biyu kawai ka haɗo, alhali an ce a kawo shaidar mallaka ko yarjejeniyar haya. Ma'aikata na ba ka 8, saboda an nemi takardar tarihin aiki mai sa hannu da satifiket na mutum uku, kai kuwa sunaye ka rubuta. Ƙarfin kuɗi 10 idan wasiƙar banki ta fito daidai. Tsarin aiki da garanti ba ka rubuta komai ba tukuna, sifili ke nan. Jimilla 48.

Abin lura shi ne makin da suka ɓace yawancinsu ba kuɗi suke buƙata ba. Jadawalin aiki na shafi ɗaya, mai nuna makon sayen kaya da makonnin yanka da walda da fenti da ranar kai kashin farko da na ƙarshe, zai iya kawo maka 12 daga cikin 15. Wasiƙar garanti ta wata goma sha biyu da aka nema, mai faɗin cikin kwana nawa za ka zo gyara idan walda ta saki, za ta iya kawo 8. Ka kai 68 ke nan. Takardar makarantar nan idan an karɓe ta za ta kai ka 78, rasit ɗin sauran injuna da satifiket ɗin gwajin sana'a na manyan ma'aikatanka kuma su ba ka ratar da za ka kwana da ita. Ka nufi 80 a lissafinka, domin abin da ka ba kanka 12 wani zai iya ba ka 9.

Amma kada ka wuce gona da iri, domin shafi na 33 ya ce duk wanda ya kai 70 za a buɗe farashinsa, kuma aikin na wanda farashinsa ya fi sauƙi ne bayan an tantance, cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Wannan shi ne tsarin da doka ta ɗora sayen kaya a kai. Mai 72 da mai 95 daidai suke da zarar an shiga ɗakin buɗe farashi. A aikin masu ba da shawara ne aka fi haɗa makin fasaha da na farashi a auna su tare, naka ba haka yake ba, saboda haka bayan ka tabbatar da wucewa, sauran ƙarfinka ya koma kan lissafin farashi.

A jadawalin farashin ma akwai tarko guda da ya kamata ka rubuta da jan biro. Idan aka sami saɓani tsakanin farashin guda ɗaya da jimilla, farashin guda ake bi a gyara jimilla, idan kuma tsakanin lambobi ne da kalmomi, kalmomi ake bi. A ce ka tsayar da naira 38,000 kowace kujera, guda 400 sun zama 15,200,000, harajin VAT na kashi 7.5 da kundin ya ce a nuna daban ya zama 1,140,000, jimilla 16,340,000. Idan mai buga maka ya rubuta 33,000 a gurbin farashin guda ya bar jimillar yadda take, kwamiti zai gyara ta koma 13,200,000 kafin haraji, a rubuto maka ka amince, kuma zaɓinka biyu ne: ka yi aikin da giɓin miliyan biyu, ko ka ƙi a ajiye tayinka. Don haka mutum biyu su duba wannan shafi da kalkuleta, kowa shi kaɗai, kafin ka sa hannu. Ka kuma tambayi akantanka abin da za a cire maka na haraji daga tushe lokacin biya, domin kuɗin da ke kan takardar ba da aiki ba shi ne zai shiga asusunka ba.

Game da abin da ya faru bara, lokacin ƙorafi ya wuce, amma ka rubuta wannan a ƙarshen littafin saboda gaba. Dokar tarayya ta ba mai nema kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da yake ƙorafi a kai ya rubuta wa shugaban hukumar da ta yi tallar, shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya yanke hukunci a rubuce, idan ba ka gamsu ba kana da kwanakin aiki 10 ka kai ga BPP. Jihohi suna da nasu dokokin da nasu hukumomin, don haka idan ka nemi aikin jiha kada ka ɗauki waɗannan ranaku ka tafi da su. Ko ba ƙorafi za ka yi ba, ka rubuta wasiƙa cikin ladabi ka nemi a gaya maka sharaɗin da ka faɗi a kai, kuma ka riƙe cikakken kwafin duk abin da ka jefa a akwati, mai lambar shafi iri ɗaya da na asalin, domin idan aka ce ba ka saka takardar ITF ba ka iya cewa tana shafi kaza.